Manhaja, idon edita ko kiran waya: wanne ya fi kama rubutun na'ura?

A ranar 20 ga Fabrairun 2023, mujallar Clarkesworld ta Amurka, wadda ke buga gajerun labaran almarar kimiyya, ta rufe ƙofar karɓar rubutu. Editanta Neil Clarke ya ce zuwa wannan rana an turo masa labarai kusan 700 da mutane suka rubuta a cikin watan, da wasu kusan 500 da na'ura ta zubo. A lokacin ChatGPT, na'urar da ke rubutu kamar mutum idan an umarce ta, bai cika wata uku da fitowa ba. A wancan lokaci mujallar tana biyan santi 12 a kan kowace kalma, kuma wannan kuɗi ne ya jawo masu neman na ɓagas. Tun daga nan duk editan da ke karɓar rubutu daga waje ya shiga tambayar kansa da me zai riƙa tace abin da ake turo masa.

Hanyoyin da ake bi a zahiri uku ne. Akwai manhajar da ake zuba wa rubutu ta fitar da maki. Akwai idon edita, wato ya karanta ya ji a jikinsa cewa wannan ba hannun mutum ba ne. Akwai kuma bin diddigin aikin da ke bayan rubutun: majiyoyi, alƙaluma, daftari, da shi kansa marubucin. Yawanci ana jera su ne kamar masu amsa tambaya ɗaya, alhali ba haka ba ne. Biyun farko suna ƙoƙarin gano wanda ya jera kalmomin. Ta ukun tana tambayar ko an yi aikin da rubutun ke iƙirarin an yi. Wadda edita zai zaɓa ta danganta ne da wacce daga cikin tambayoyin nan biyu ta fi hana shi barci.

Abin da manhaja take aunawa

Manhajojin farko, irin su GPTZero da wani ɗalibin jami'ar Princeton mai suna Edward Tian ya fitar a Janairun 2023, sun dogara ne a kan dabara mai sauƙin fahimta. Na'urar da ke rubutu tana zaɓen kalma ta gaba ne bisa abin da ya fi dacewa ya biyo baya. Idan na ce "gwamnati ta sha alwashin ɗaukar", kusan kowa zai cike da "mataki". Manhajar sai ta bi rubutun kalma bayan kalma tana auna sau nawa marubucin ya zaɓi abin da ake tsammani, sau nawa kuma ya yi ba-zata. Tana kuma duba ko jimlolin duk tsawonsu ɗaya ne ko suna hawa da sauka. Rubutun da ya cika santsi, babu tuntuɓe babu ba-zata, shi take zargi. Manhajojin baya-bayan nan sun bar wannan lissafi, ana horar da su ne da tarin rubutun mutane da na na'ura har su koyi rarrabewa, kuma gaskiya wasunsu sun fi na farko nesa ba kusa ba. Amma har yanzu abin da suke bayarwa hasashe ne a kan salo. Babu wadda ta ga lokacin da aka yi rubutun.

Tarihin wannan hanya yana da tabo biyu da ya kamata edita ya sani kafin ya biya kuɗin rajista. Na farko, kamfanin OpenAI da ya yi ChatGPT ya fitar da tasa manhajar tantancewa a ƙarshen Janairun 2023, ya kuma janye ta a watan Yulin 2023 saboda rashin inganci. Bisa alƙaluman da kamfanin ya bayar da kansa, kashi 26 cikin ɗari kawai na rubutun na'ura take kamawa, sannan tana ɗora wa kashi 9 cikin ɗari na rubutun mutane laifin da ba su yi ba. Kamfanin ya kuma yi gargaɗin cewa ba a dogara da ita a gajeren rubutu, kuma ba ta yin abin kirki a harsunan da ba Ingilishi ba.

Tabo na biyu ya fi ciwo. Masu bincike a jami'ar Stanford sun gwada manhajoji bakwai a 2023 da insha'i 91 na jarrabawar TOEFL ta gwajin Ingilishi, waɗanda mutanen da Ingilishi ba harshen uwa ba ne gare su suka rubuta da hannunsu. A matsakaicin lissafi, manhajojin sun ce kashi 61 cikin ɗari na'ura ce ta rubuta. Guda 89 daga cikin 91 ɗin, aƙalla manhaja ɗaya ta zarge su. Rubutun yaran makarantar Amurka kuwa kusan duka ya wuce lafiya. Dalilin a fili yake: wanda ya koyi harshe a aji yana riƙe kalmomin da ya tabbatar da su, ba ya kasada, shi ya sa rubutunsa ke fitowa da santsin da manhajar ke nema. Abin dariyar shi ne, da masu binciken suka sa ChatGPT ya ƙawata kalmomin waɗannan insha'i, sai zargin ya faɗo zuwa kusan kashi 12. Ma'ana, rubutun mutum sai da ya ratsa na'ura sannan aka yarda mutum ne ya yi shi.

Bari mu ɗora wannan a kan teburin edita. A ƙaddara mujalla tana samun maƙaloli 200 a wata, 20 daga ciki na na'ura ne, 180 na mutane. Da manhaja mai ƙarfin waccan ta OpenAI, za a kama kusan 5 daga cikin 20 ɗin, a kuma zargi kusan 16 daga cikin 180. Edita zai tashi da mutum 21 a jerin waɗanda ake tuhuma, 16 cikinsu ba su ci ba, ba su sha ba, ga kuma maƙaloli 15 na na'ura sun wuce salin alin. To mu ce an samu manhaja mai kyau sosai, wadda ke kama kashi 95 kuma kuskurenta kashi 1 ne kacal. Yanzu za ta kama 19, ta zargi kusan mutum 2 bisa kuskure. Wannan ya yi kyau ƙwarai, amma a shekara mutum ashirin da wani abu ke nan da za a kira maƙaryata idan makin manhaja ne hukuncin ƙarshe. Kuma ba ƙuri'a ake jefawa wajen zaɓen su ba. Akasari za su fito ne daga masu rubutu da harshe na biyu, da masu rubutun rahoto mai tsari ɗaya kullum, irin na kotu ko na kasuwar hannun jari.

Lissafin yana juyawa idan aka shiga ambaliya irin ta Clarkesworld. Inda kusan rabin abin da ke shigowa na na'ura ne, yawancin waɗanda manhaja mai kyau ta nuna lallai masu laifi ne, kuma babu ma'aikatan da za su karanta komai. A nan tana da amfani na gaske, amma a matsayin mai jera layi: wanda ta zarga ya koma baya ya jira a duba shi da kyau, wanda ta wanke ya shiga gaba. Sai dai wankewarta ma ba shaida ba ce, domin wanda ya san hanya yana iya sa wata manhajar ta sauya kalmomin, ko ya gyara jimloli goma da hannu, maki ya canza.

Ga mai tace rubutun Hausa ko wani harshen da bai da yawa a intanet, shawarata gajeriya ce: kada ya ɓata kuɗinsa sai ya yi gwaji. Ya ɗauko maƙaloli talatin daga rumbun jaridarsa waɗanda aka buga kafin Nuwamban 2022, wato kafin fitowar ChatGPT, ya sa na'ura ta rubuta wasu talatin a kan batutuwa iri ɗaya, ya cakuɗa su ya zuba. Abin da ya gani da idonsa ya fi duk abin da ke cikin tallan kamfanin. Wannan gwaji ma ya dace da mai tace Ingilishi, muddin ya yi shi da rubutun irin marubutan da suke turo masa, ba na wasu can ba.

Akwai wata dabara da ake yawan tambaya a kanta, wato ɓoyayyen hatimi. Google DeepMind sun wallafa bayanin irin wannan hatimi na rubutu mai suna SynthID a mujallar Nature a Oktoban 2024: na'urar tana ɗan karkata zaɓen kalmominta ta yadda za a iya gane su daga baya. Dabara ce mai kyau, amma tana aiki ne kawai a kan rubutun da ya fito daga na'urar da ta saka hatimin, kuma fassara ko sake rubutawa sosai yana raunana shi. Editan da bai san da wace na'ura aka yi amfani ba, wannan bai rage masa aiki ba.

Idon edita

Tsofaffin editoci da yawa suna cewa su ba sa bukatar manhaja, daga sakin layi na farko suke ganewa. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, amma da sharaɗi. Wani bincike da aka fitar a 2025 ya ba mutane maƙaloli 300 na Ingilishi su rarrabe. Mutum biyar da suke yawan amfani da ChatGPT wajen aikin rubutu, idan aka ɗauki ra'ayin mafi rinjayensu, maƙala ɗaya tak suka kuskure. Waɗanda ba su saba da na'urar ba kuwa, abin da suka yi bai fi canki-canka da komai ba. Ke nan shekara talatin a ɗakin labarai ba ita ke ba da wannan ido ba, yawan zama da rubutun na'urar ne ke ba da shi. A kuma lura, ra'ayin mutum biyar aka haɗa, ba na mutum ɗaya da ke gaggawar rufe shafi da daddare ba.

Me suke gani? Ba kalma ɗaya ba ce. An yi ta surutu a 2024 a kan kalmar Ingilishi `delve`, har wasu suka ce duk inda ta fito na'ura ce, marubuta da yawa daga Najeriya kuma suka mayar da martani cewa su da ita aka koya musu rubutu tun a makaranta. Kama da wane ba ta wane. Haka ma dogon zanen nan da ake raba jimla da shi, wanda wasu ke ɗauka alamar na'ura ce, marubuta sun daɗe suna amfani da shi kafin a haifi masu ƙera na'urar. Alamomin da suka fi nauyi suna cikin naman rubutun ne. Kowane sakin layi tsawonsa ɗaya, kowanne ya rufe da 'yar hikima. Ana jero abubuwa uku-uku ko da biyu ne suke da ma'ana. Babu abin da ya yi saura ko ya fita daga tsari, alhali wanda ya je wuri da ƙafarsa kullum yana dawowa da wani ɗan abu da bai shiga layin labarin ba amma ya kasa jefar da shi. Babbar alama kuwa tana bakin majiyoyi: kowa yana magana da cikakkiyar jimla mai sheƙi, kuma abin da ya faɗa shi ne daidai abin da sakin layin ke bukata. Mutane ba sa magana haka. Suna kwana-kwana, suna amsa abin da ba a tambaye su ba.

Raunin wannan hanya shi ne ba ta da abin nunawa. Idan marubuci ya ce "ni na rubuta", edita ba shi da amsa sai "ban ji haka a jikina ba". Sannan zargi yana da saurin bin sunan da ba a sani ba da ƙasar da ba a saba da ita ba. Ido kyauta ne kuma yana da sauri, shi ya sa ya dace da abu ɗaya: ya gaya wa edita inda zai tsaya ya tona.

Bin diddigin aikin

Abin da ya faru da mujallar Wired a 2025 ya isa darasi. A watan Mayu ta buga wata maƙala a kan masu ɗaura aure a dandalin intanet, da sunan wata marubuciya mai zaman kanta, Margaux Blanchard. Mujallar ta bayyana daga baya cewa maƙalar ba ta bi ta cikakken binciken gaskiya ba kafin a buga. Zargi bai taso daga salon rubutun ba, ya taso ne a wajen biyan kuɗi, da marubuciyar ta kasa ba da bayanan da ake bukata don a shigar da ita tsarin biyan mujallar. An zuba maƙalar a manhajojin tantancewa guda biyu, duka suka ce da alama mutum ne ya rubuta. Sai da aka koma kan bayanan da ke cikin labarin sannan aka gane ƙirƙira ce, aka sauke shi. Business Insider ma ta sauke rubuce-rubucen da ke ɗauke da wannan suna. Wanda ya kama abin tun a ƙofa shi ne Jacob Furedi, editan wata ƙaramar mujalla mai suna Dispatch, da aka yi masa tayin labari da wannan suna a kan wani gari a jihar Colorado mai suna Gravemont. Ya nemi garin bai same shi ba, ya nemi hujja aka yi ta kewaye-kewaye. Jaridar Press Gazette ce ta haɗa zaren labarin a watan Agusta.

Haka abin yake a Chicago Sun-Times a Mayun 2025, inda aka buga jerin littattafai 15 da ake ba mutane shawarar karantawa, 10 daga ciki babu su a duniya, ko da yake sunayen marubutan na gaske ne. Shafin ya zo ne daga wani kamfanin da ke sayar wa jaridu rubutu. Ba a bukatar wata manhaja a nan, neman sunan kowane littafi a kundin laburare ya wadatar.

To yaya ake yin wannan aiki a aikace? A ƙaddara wani da ba ka taɓa aiki da shi ba ya turo maƙala mai kalma 1,400 a kan ƙarancin ma'aikatan jinya a asibitocin karkara. A ciki an ambato maganar mutum uku: wata ma'aikaciyar jinya, wani malamin jami'a, da wani jami'in ma'aikatar lafiya. Akwai alƙaluma biyu da adireshin intanet huɗu. Rubutun ya yi kyau, har ya so ya yi yawa.

Ka fara da adireshin, domin su ne mafi araha. Buɗe kowanne. Wani lokaci za ka ga wutsiya irin wannan a ƙarshensa:

```
?utm_source=chatgpt.com
```

Wannan yana nuna daga cikin ChatGPT aka kwafo adireshin. Bai tabbatar da cewa na'ura ce ta rubuta maƙalar ba, mai yiwuwa bincike kawai aka yi da ita, amma ya ba ka tambayar da za ka yi. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne ko shafin yana nan, kuma ko ya faɗi abin da aka jingina masa. A misalinmu, ka ce uku sun buɗe, na huɗu ya kai ka shafin da babu shi. Alƙalumi na farko yana cikin rahoton da aka ambata, amma na wata shekara ce daban. Na biyu babu shi ko'ina a rahoton. Wannan salon kuskure, wato rahoto na gaske da lamba ta ƙarya, shi na'ura ta fi yi, ko da yake ɗan jarida malalaci ma yana yin sa. Duk wannan bai wuce minti ashirin ba.

Sai mutanen. Malamin jami'a shi ne mafi sauƙi, domin malami yana barin sawu: sunansa a shafin sashensa, takardun da ya wallafa. Idan ka same shi, kada ka tsaya nan, saboda na'ura tana iya ɗauko sunan mutum na gaske ta sa masa magana a baki. Ka aika masa saƙo ta adireshin da ka samo da kanka daga shafin jami'ar, ba wanda marubucin ya ba ka ba, ka tambaye shi abu ɗaya: ya yi magana da wane a kan wannan batu? Ma'aikaciyar jinya kuwa, rashin ganin ta a intanet ba laifi ba ne, mutane da yawa ba su da sawu a can. A nan marubucin ne zai kawo lambarta, ko muryar da ya naɗa, ko hoton littafin da ya yi rubutu a ciki. Ko da an sakaya sunanta a maƙalar don kare aikinta, al'adar aikin jarida ita ce edita ya san ko wace ce.

Daga nan sai ka kira marubucin, da murya, ba ta saƙo ba, domin amsar saƙo ma na'ura tana iya rubuta ta. Minti goma sun isa. Kada ka tambaye shi ko ya yi amfani da na'ura. Tambaye shi abin da bai shiga maƙalar ba: yaya ya samu matar nan, a ina suka zauna, me ta faɗa da ya cire, wa ya nema ya ƙi magana. Wanda ya yi aikin, za ka rasa yadda za ka tsayar da shi, domin abin da ya bari a littafinsa ya ninka abin da ya rubuta. Wanda bai yi ba zai riƙa maimaita maka jimlolin maƙalar, ko ya ce layi ba kyau, ko wayar da ya naɗi muryar ta lalace. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a irin wannan hira ba a tambaya uku ba a kai ƙarshensa ba. Sai dai a yi adalci: wani yana da in'ina, wani yana jin nauyin magana da harshen da yake rubutu da shi. Abin da ake saurare shi ne ko yana da bayanin, ba ko ya iya zuba ba.

Tarihin daftari yana taimakawa, amma shi ne mafi rauni a cikin wannan rukuni. A Google Docs, idan marubuci ya ba ka izinin gyara, `File > Version history > See version history` zai nuna maka ko rubutun ya girma a hankali cikin kwanaki ko ya faɗo gaba ɗaya cikin minti guda. Fayil ɗin Word kuma yana ajiye adadin mintocin da aka yi ana aiki a kansa, a ƙarƙashin `TotalTime`:

```
unzip -p makala.docx docProps/app.xml
```

Idan ka ga minti 3 a maƙala mai kalma 1,400, tambaya ta taso. Amma amsar tana iya zama mai sauƙi: a waya ya rubuta ya kwafo, ko a takarda, ko ya buɗe sabon fayil don ya turo mai tsabta. A ɗaya ɓangaren kuma, mai niyyar yaudara yana iya zama ya buga rubutun na'ura da yatsunsa, ko ya bar fayil a buɗe lambar ta hau. Tarihi mai kyau yana ƙara wa mai gaskiya ƙarfi, rashinsa ba ya kama kowa.

Kuɗin wannan hanya lokaci ne. A ƙiyasina, maƙala irin ta misalinmu tana cin awa ɗaya zuwa biyu, ban da jiran amsar majiya. Babu ɗakin labaran da zai yi wa maƙaloli 200 haka. Amma ba a bukatar hakan, domin daga cikin 200 wataƙila goma sha biyar ne za a so a buga, kuma cikinsu ma sababbin sunaye ne suka fi bukatar cikakken bincike. Ribarta kuma ita ce ba ruwanta da wanda ya jera kalmomin. Tana kama ƙaryar na'ura, tana kama ƙaryar mutum, kuma sakamakonta abu ne da za a iya ajiyewa a kan tebur: wannan malami ya ce bai taɓa magana da kai ba.

To wanne za a ɗauka?

Ga rahoto da duk rubutun da ke cewa "na je, na gani, an gaya mini", amsata ba ta da kwana: bin diddigi, ga duk abin da za a buga daga hannun sabon marubuci. Idan kasafin kuɗi ya ce a zaɓi ɗaya tsakanin rajistar manhaja da 'yan awoyin mai duba gaskiya, a ɗauki mutum. Manhajojin da Wired ta gwada sun wanke labarin ƙarya, kuma da sun zarge shi ma, da sai an koma an nemi majiyoyin kafin a iya cewa komai.

Gajeren labari, waƙa da sharhin ra'ayi su ne masu wuya, domin babu majiyar da za a kira. A nan dole a koma ga ido da manhaja, tare da sanin cewa dukansu hasashe ne. Abin da ke ɗan cike gurbin shi ne aikin gyara. Ka ce wa marubucin ƙarshen labarin bai zauna maka ba, ka tambaye shi me ya sa ya rufe shi haka, ko ka kawo hujjar da ta saɓa wa ra'ayinsa ka ji yadda zai kare. Mai rubutu yana da dalili a kan zaɓinsa, wani lokaci har ya yi maka gardama. Wanda ya kwafo zai amince da duk abin da ka ce, ya dawo da sabon rubutu cikin minti biyar wanda ya canza har wuraren da ba ka taɓa ba.

Duk wannan ba ya tafiya sai an rubuta doka tun farko, domin "amfani da na'ura" ba abu ɗaya ba ne. Wanda ya sa ta juya hirar da ya naɗa zuwa rubutu, da wanda ya sa ta gyara masa nahawu, da wanda ya rubuta da harshensa ya sa ta fassara, da wanda ya ba ta take ya ce ta rubuta, ba su zama ɗaya ba, amma manhaja tana iya ba na biyu, na uku da na huɗu maki iri ɗaya. Kamfanin dillancin labarai na AP, a ƙa'idojin da ya fitar a Agustan 2023, ya ce duk abin da irin wannan na'ura ta fitar a ɗauke shi a matsayin bayanin da ba a tantance ba. Clarkesworld kuma ta hana gaba ɗaya, har da fassara. Kowanne matsayi yana da hujjarsa, muddin marubuci ya san shi kafin ya turo, kuma an ba shi gurbin da zai bayyana abin da ya yi amfani da shi ba tare da tsoron za a jefar da aikinsa don ya faɗi gaskiya ba.

Saura yadda ake mayar da amsa. Idan zargi ne kawai, daga ido ko daga maki, edita yana da 'yancin ƙin rubutu ba tare da ya ba da dalili ba, kuma "wannan bai dace da mu ba" ta wadatar. Kada a rubuta wa mutum cewa manhaja ta ce kashi 87 na'ura ce, domin wannan lamba ba ta nufin kashi 87 na jimlolinsa na na'ura ne a kowace manhaja, wasu ƙarfin zatonsu suke nunawa da ita, kuma ba za ka iya kare ta ba idan ya musa. Idan kuwa bin diddigi ne ya tona abin, sai a faɗi abin da aka samu daidai yadda yake: adireshi na huɗu babu shi, alƙalumi na biyu ba ya cikin rahoton, malamin ya ce bai san ka ba. A ba shi kwana biyu ko uku ya kawo bayani. Idan an taɓa buga wani rubutunsa a baya, a ciro shi daga rumbu a bi majiyoyinsa ɗaya bayan ɗaya, kafin wani mai karatu ko wata jaridar ta riga ku.